Tambayoyi da amsoshi a kan shiga tiredi kashi-kashi da cire riba kashi-kashi

Duk misalan da ke nan a kan gwal na gina su, wato XAUUSD a MT5, don shi na fi bugawa kuma lissafinsa ba ya ɗaure kai. Farashin da na saka irin su 2,400 misali ne kawai, kada wani ya buɗe waya ya je neman sa a kasuwa. Abu ɗaya da za ka riƙe kafin mu shiga: a yawancin burokoki lot 1 na gwal oza 100 ne, saboda haka 0.01 oza ɗaya ce, in gwal ya motsa dala 1 to mai riƙe da 0.01 ya ci dala 1 ko ya rasa dala 1. Shi ke nan.

Wai mene ne ma cire riba kashi-kashi ɗin nan?

Ka san ɗan kasuwar da ya sayi buhu 30 na masara da kaka ya ajiye, ba ya kwashe su duka rana ɗaya, in farashi ya ɗaga ya fitar da 10 ya riƙe kuɗi a hannu, ya ƙara ɗagawa ya fitar da 10, sauran ya bar su ya ga inda damina za ta kai su. To haka yake a tiredi.

A ce akawun ɗinka dala 1,500 ce kuma ka yanke ba za ka rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari a tiredi ɗaya ba, dala 30 ke nan. Ka danna Buy a 2,400, SL ɗinka, wato wajen tsayar da asara, yana 2,390, tazarar dala 10, don haka lot ɗin da ya dace da kai 0.03 ne. Sai ka raba shi uku tun kafin ka shiga. TP1, wato wajen cire riba na farko, a 2,410 ka rufe 0.01 ka ci dala 10. TP2 a 2,420 ka rufe wani 0.01 ka ci dala 20. Na ƙarshe ka bar shi zuwa 2,440, dala 40. In komai ya tafi yadda kake so ka tashi da dala 70.

To ai in da na riƙe duka zuwa 2,440 dala 120 zan ci, ba asara na yi ba ke nan?

Eh, ka bar dala 50 a kasuwa, kuma wannan ita ce maganar da masu ba da sigina a guruf ba sa son yi. Duba da kyau. Ranar da kasuwa ta juya maka baya tun daga farko ta buge SL, da cikakken 0.03 ɗinka ta buge shi, dala 30 cif ta tafi. Ranar kuwa da ka yi daidai har gwal ya yi gudun dala 40, da 0.01 kaɗai ka kai ƙarshen tafiyar. Wato asararka kullum da cikakken kaya take zuwa, ribarka mafi tsoka kuma da sulusin kaya. Wannan shi ne kuɗin da kake biya, ba kyauta ba ne.

In ka ga an rubuta a guruf cewa tiredin nan ya ba da 1:4, ka tambaya nawa ne ya rage a hannu lokacin da aka kai wajen. A misalinmu ka saka dala 30 a haɗari ka ci 70, ninki 2.3 ke nan, ba 4 ba. Kuma bambancin yana da nauyi, don mai cin ninki 4 ko sau 20 cikin 100 ya yi daidai ya mayar da uwar kuɗinsa, mai cin ninki 2.3 kuwa sai ya yi daidai sau 30, wannan ma in duk tiredin da ya ci ya kai TP3, abin da ba ya faruwa.

Me ka saya da dala 50 ɗin? Ka sayi ranakun da gwal zai hau zuwa 2,412 ko 2,425 sannan ya dawo ya share komai. Irin waɗannan ranakun suna da yawa, duk wanda ya zauna gaban gwal ya sani. Mai riƙe duka zuwa 2,440 a irin ranar nan asarar 30 zai kwasa, ko ya tashi ba ci ba asara, kai kuma ka riga ka sa 10 ko 30 a aljihu. Ka kuma sayi natsuwa, wadda ni dai ban raina ta ba, don da yawanmu ba iya riƙe tiredi muke yi ba, da zarar mun ga shuɗin dala 25 hannu ya fara ƙaiƙayi mu rufe duka. In cire sulusi shi zai sa ka iya zama ka bar sauran su yi tafiya to ya biya kuɗinsa.

Ya zan gane wanne ya fi dacewa da ni, rabawa ko riƙewa?

Littafin tiredinka ne zai gaya maka, ba ni ba. Ɗauki tiredinka na baya, ko 30 ne ko 50, kowanne ka rubuta iya nisan da farashi ya yi zuwa ɓangarenka kafin ya dawo ya taɓa SL na asali. Sai ka yi lissafin hanya biyun a kansu.

Ga yadda ake yi da tiredi 10 na misali, duk irin na sama. A ce 4 sun buge SL kai tsaye, 3 sun kai TP1 sun dawo har ƙasa, 1 ya kai TP2 ya dawo, 2 sun kai 2,440. Mai riƙe duka ba ya taɓa komai ya yi asara sau 8, dala 240, ya ci 120 sau 2, dala 240, ya tashi a sifili. Mai rabawa wanda ke mayar da SL wajen shiga bayan TP1 ya rasa 120 a guda huɗun, ya ci 30 a ukun, 30 a ɗayan, 140 a biyun, ya tashi da ribar dala 80. A nan rabawa ta yi nasara. Amma canja lissafin kaɗan, ka ce 4 ne suka kai 2,440 sauran 6 suka buge SL kai tsaye: mai riƙewa ya ci 480 ya rasa 180, saura 300, mai rabawa ya ci 280 ya rasa 180, saura 100. Ka ga ke nan ya danganta da irin tafiyar da tiredinka suka saba yi. Tsarin da ke kama doguwar tafiya rabawa tana yanke masa fiffike, tsarin da ke bugawa a kasuwar da ke kai-komo tsakanin iyaka biyu kuma rabawa tana ceton sa.

Dole ne in mayar da SL wajen shiga da zarar TP1 ya buga?

Ba dole ba ne, kuma nan ne mutane suka fi jin haushi. In ba ka matsar da shi ba farashi ya dawo 2,390, ka ci 10 ka rasa 20 a kan 0.02 da ya rage, asarar 10 ke nan maimakon 30. In ka matsar zuwa 2,400 ka tashi da ribar 10. A takarda na biyun ya fi daɗi.

Matsalar ita ce wajen da ka shiga galibi waje ne da kowa ke kallo, kuma gwal yana son ya dawo ya sake gwada wajen kafin ya wuce. Sai ka ga ya hau 2,411, ya sauko 2,399.50 ya ɗauke ka, ya juya ya tafi 2,445 kana zaune kana kallo kamar wanda mota ta bari a tasha. Abin da nake yi yanzu, bayan TP1 ba na gaggawa, ina jira kasuwa ta yi sabon gindi, wato ta sauko kaɗan ta tsaya sama da inda ta tsaya a baya sannan ta sake hawa, sai in kai SL ƙarƙashin wannan gindin. Wani lokacin hakan yana faɗawa a 2,396, wani lokacin a 2,403. Bayan TP2 kuwa ba na wasa, SL yana komawa sama da wajen shiga.

In kuma ka zaɓi mayarwa wajen shiga, ƙara ɗan wani abu a kai don kamasho, in akawun ɗinka mai kamasho ne, in ba haka ba sai ka ga jan 0.20 a inda ka zaci ba ci ba asara.

A ina ake saka TP1 da TP2 ɗin?

Inda farashi ya taɓa tsayawa. Saman jiya, saman da aka yi da safe kafin Landan ta buɗe, lamba mai sifili irin 2,450 ko 2,500. Ka sa naka ɗan ƙasa da wajen, kamar 2,449, don layi ya yi tsawo a kan lambar kanta. In wajen tsayawa na farko bai kai nisan SL ɗinka ba, wato ka saka 10 a haɗari amma bango yana dala 5 a gabanka, ni barin tiredin nake yi gaba ɗaya.

Akawun ɗina ƙarami ne, 0.01 nake shiga da shi, ya zan raba?

Ba za ka iya ba, 0.01 shi ne mafi ƙanƙanta a akawun na yau da kullum, ba a gutsura shi. Kuma don Allah kada ka ɗaga zuwa 0.03 wai don ka samu abin rabawa, da dala 100 a akawun da SL na dala 10, 0.03 yana nufin kashi 30 cikin ɗari na kuɗinka a tiredi ɗaya. Ko dai ka zaɓi TP guda ka tsaya a kai, ko ka buɗe akawun ɗin senti in burokanka yana da shi, can dala 100 tana fitowa 10,000 a allo kuma lot ɗin ƙanana ne ƙwarai, za ka raba yadda kake so.

A MT5 na sa TP amma ya rufe min duka, ina ake saita rabi?

TP na MT5 guda ɗaya ne a kan kowace fozishan kuma duka yake rufewa. Hanya biyu ce. Ta farko da hannu: a waya ka shiga Trade, ka danne fozishan ɗin, ka zaɓi Close position, ka rage lambar lot da ke sama daga 0.03 zuwa 0.01 sannan ka danna rufewa. Ka tabbata ka rage lambar kafin ka danna, ni na sha rufe duka cikin sauri. Aibinta sai kana riƙe da waya lokacin da farashi ya iso, ga netiwok ɗinmu da kuka sani.

Ta biyu ita na fi so, ka buɗe oda uku na 0.01 maimakon ɗaya na 0.03, SL ɗinsu ɗaya, TP kowa da nasa, ka ajiye waya ka tafi sabgarka. Amma wannan yana aiki ne a akawun nau'in Hedging, wanda MT5 ya samu a 2016 kuma shi yawancin burokoki ke bayarwa yanzu. In naka Netting ne oda ukun haɗewa za su yi su zama fozishan ɗaya. A nan sai dai ka jera Sell Limit na 0.01 a 2,410 da wani a 2,420, kowanne ya taɓu ya rage maka kaya. Sai dai fa ka kula, in SL ya buge ka, waɗannan Sell Limit ɗin ba sa goge kansu, suna nan suna jira, gobe gwal ya hau 2,410 su buɗe maka Sell ɗin da ba ka nema ba kuma ba SL a kansa. Ka goge su da hannunka.

Masu fiyucas na kirifto su ma abin da ke cin su ke nan, maganinsa a can shi ne ka kunna Reduce-Only a kan odar cire riba, ita ba ta iya buɗe sabuwar fozishan, ragewa kawai take yi.

Farashi ya taɓa TP ɗina a allo amma bai rufe ba, burokan ne ke cuta?

Galibi Sell ne kake ciki. Layin da kake gani a allo Bid ne, Sell kuma da Ask ake rufe shi, wanda ke sama da Bid da gwargwadon sifired. Sai Ask ya iso TP. Kunna layin Ask a saitin allo za ka gani da idonka. Sifired yana buɗewa sosai wajen ƙarfe 5 na yamma agogon New York, wato 10 ko 11 na dare a Najeriya da Nijar dangane da lokacin shekara, haka ma lokacin fitar rahoton ayyukan yi na Amurka, NFP, da ke zuwa galibi Juma'ar farko ta wata da 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu.

To shiga kashi-kashi fa? Ba shi ne ƙara oda in kasuwa tana cin ka ba?

Nan ne ake mutuwa, don abu biyu ne masu kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne.

Na farko tsari ne. Kana ganin gwal zai juya sama a wani yanki tsakanin 2,400 da 2,392 amma ba ka san daidai ina ba, sai ka jera Buy Limit uku na 0.01 a 2,400 da 2,396 da 2,392, SL ɗinsu duka 2,386. Ka lissafa haɗarin kowanne: 14 da 10 da 6, jimla dala 30, daidai da abin da ka yanke tun farko. Duk ukun in sun shiga matsakaicin farashinka 2,396 ne. Ba abin da ya ƙaru a kan asarar da ka amince da ita. Shi ma yana da nasa aibin fa, tiredin da ya fi kyau shi ne wanda zai taɓa 2,400 ya tashi nan take, a nan 0.01 kaɗai ka samu, wanda kuwa zai nutse har SL sai ya kwashi duka ukun a hanya. In ka haɗa wannan da cire riba kashi-kashi ba tare da lissafi ba sai ka wayi gari kana cin dala 8 kana rasa 30.

Na biyu kuma taurin kai ne aka sa masa riga. Na yi shi, shekarar da na fara. Na shiga Buy 0.01, bari mu ce a 2,400, ba SL, ya sauko 2,390 na ce ai ya ƙara arha na zuba 0.02, a 2,380 na zuba 0.04, a 2,370 na zuba 0.08, ina ta lallashin kaina cewa ɗan hawan dala 8 kawai nake buƙata in fita lafiya. Lissafin gaskiya ne, matsakaicin farashina ya dawo wajen 2,377. Abin da ban kalla ba shi ne yanzu 0.15 nake ɗauke da shi, kowace dala ɗaya da gwal ya sauka dala 15 ce ke fita daga jikina. Ya sauka 2,350, asara ta kai dala 410, a kan tiredin da da na sa SL tun farko dala 10 ce za ta raba mu. Ina zaune a kan tabarma bayan isha'i ina ta sabunta allo, tuwon da aka ajiye min har ya yi sanyi ban taɓa ba.

Yadda za ka bambance su da sauƙi: kafin ka danna odar farko, ka san adadin odar da za ka saka, da farashin kowacce, da inda za ka fita in abin ya ƙi? In eh, tsari ne. In odar ta biyu ta zo maka a rai ne bayan ka ga ja, kuma ta fi ta farko girma, to ka tsaya.

Ƙara kaya a kan tiredin da ke cin riba fa, ya halatta a tsari?

Wannan shi ne wanda manyan masu bin doguwar tafiya suka fi yarda da shi. Ɗaliban da Richard Dennis ya koyar a Chicago daga 1983, waɗanda aka fi sani da Turtles, haka suke yi a lokacin, suna ƙara kaya ne in farashi ya ci gaba zuwa ɓangarensu, ba sa wuce shiga sau 4 a kasuwa ɗaya, kuma duk ƙarin da suka yi sai sun jawo wajen tsayar da asararsu gaba.

A misalinmu, kana riƙe da 0.03 daga 2,400, gwal ya kai 2,420, ka jawo SL zuwa 2,410, dala 30 ta kulle ke nan. Ka ƙara 0.01 a 2,420 da SL ɗaya da sauran. In ya juyo ka rasa 10 a sabon, ka tashi da 20. Lafiya lau. Amma in zumuɗi ya ɗebe ka ka ƙara 0.06, matsakaicin farashinka ya tashi zuwa wajen 2,413, dawowa 2,410 kawai ta mayar da ribar 30 ta zama asarar 30. Don haka ƙarin ya zama ƙasa da abin da ke hannu, kuma kada ka ƙara sai ka fara jawo SL.

Sannan ka zaɓi ɗaya a tiredi guda. Ba ma'ana ka rufe 0.01 a 2,420 don cire riba kuma ka buɗe sabon 0.01 a 2,421 don ƙara kaya, sifired kawai ka biya sau biyu ka dawo inda kake.

Kason ƙarshen nan da ake bari ya yi ta tafiya, yaushe ake rufe shi?

Ko dai ka ba shi TP mai nisa kamar 2,440 ɗinmu, ko ka bar shi ba TP kana jawo SL ƙarƙashin kowane sabon gindi a kandul ɗin awa 1 ko awa 4 har ranar da kasuwa ta ɗauke shi da kanta. In Trailing Stop na MT5 na kwamfuta za ka yi amfani da shi, ka sani a kan na'urarka yake aiki ba a sabar buroka ba, ka kashe kwamfuta ko wuta ta ɗauke ya daina bin farashi, SL ya tsaya inda ya kai na ƙarshe.

In zai kwana kuma akwai kuɗin kwana, wanda ke fitowa a layin Swap, kuma yawancin burokoki na ninka shi uku a daren Laraba. Masu akawun ɗin Musulunci ba a cire musu shi, amma wasu burokokin suna sa wani caji na daban in fozishan ta wuce wasu kwanaki, ka karanta sharuɗɗan naka. Juma'a da dare kuma ka tuna gwal yana rufewa sai daren Lahadi, in ya buɗe da tsalle ya haye SL ɗinka a farashin da ya buɗe za a rufe ka, ba a inda ka rubuta ba, shi ya sa ni in ribar da ke kan kason ƙarshen ba ta kai ta shanye tsallen dala 15 ko 20 ba rufe shi nake yi kafin in kwanta.